Ranar da Aka Kwantar da Zanen Baba

Shagonmu na takalma yana Ƙofar Wambai, kuma tun kafin a haife ni yake nan. Babanmu ne ya kafa shi, lokacin da duk abin da ke ciki aikin hannunsa ne, don shi baduku ne, ɗan baduku. Da ƙarfinsa ya fara ja baya, sai ya miƙa wa babban yayanmu ragamar shagon. Yaya kuwa, in za a faɗi gaskiya, ya iya kasuwa. Shi ya shigo da kayan kamfani, katan-katan, na roba da na makaranta da na mata masu tsini, har ta kai mutanen ƙauye na zuwa sari a wajenmu. Baba bai bar fitowa ba. Kullum da safe zai tako daga gidanmu na Mandawari, ya shimfiɗa buzunsa a bakin shago ta hannun dama, ya jera takalman fata da ya ɗinka a kan wani ɗan benci, ya ci gaba da ɗinkin wani. Wannan ɗan wurin shi ne abin da ya rage masa, kuma a kansa ne abin da zan faɗa ya faru.

Ni ne auta. Da na gama difloma na rasa aikin yi, sai Yaya ya saya mini laftof ta hannu, ya ce in zo in riƙa shigar da kayan da suka fita. Na yi jadawali a kwamfuta: kowane irin takalmi da sahunsa, kowane wata da gidansa, a rubuta ƙafa nawa aka sayar. Kafin shekara ta zagayo sahu ya haura ɗari biyu. In Yaya zai yi odar kaya sai ya tsaya a kaina yana bin lambobi da yatsa, ya yi ƙasa, ya dawo sama, ya manta abin da ya gani a baya, ya yi tsaki. Wata rana ya ce, "Kai, wannan abin naka ciwon kai ne. Ni so nake in kalla sau ɗaya in san me ke tafiya, me ya kwanta."

Abin da na nemo masa shi ne wanda ake kira sifaklayin. Wani ɗan zane ne siriri da ke zama cikin gida ɗaya na jadawalin, a ƙarshen kowane sahu, bai fi tsawon ƙwayar dabino ba. Yana ɗaukar lambobin watannin sahun ya ja layi a kansu, in kaya na ƙaruwa layin ya hau, in suna raguwa ya gangara. Babu lamba a jikinsa, babu rubutu. Na yi wa sahun farko, na ja shi har ƙasa, kowane takalmi ya samu nasa. Na sa ɗigo ja a watan da kowanne ya fi fita.

Wallahi abin ya yi amfani, ba zan ɓata shi ba don ya zo ya cuce mu daga baya. Da kallo ɗaya za ka ga na roba suna tashi da damina, na makaranta suna tsalle in an kusa komawa, wani na mata da muka ɗauka yana tafiya ashe tun bara yake zamewa a hankali. Yaya ya daina tsaki. Sai ya zo ya gangara da ido daga sama zuwa ƙasa, ya ce a ƙaro wannan, a dakata da wancan.

A makon farko ya lura da wani abu, don Yaya ba ya da saurin ruɗuwa. Ya ce, "Ya na ga duk tsayinsu ɗaya? Silifan roba da muke fitar da dubbai, da wannan da ba ya wuce dozin biyu, duk sun cika gidansu?"

Na yi masa bayani. Kowane zane da kansa yake awo. Watan da kayan suka fi ƙaranci shi ne ƙasan gidan, watan da suka fi yawa shi ne saman, ko da bambancin ƙafa uku ne, ko dubu uku. Na nuna masa inda ake sauyawa a ce dukkansu su yi awo da ma'auni ɗaya. Na danna, sai silifan roba da wasu 'yan kaɗan suka tsaya da tsayinsu, sauran duk suka kwanta a ƙasa kamar zaren da aka yar. Ya duba ya ce, "A'a, wannan ai ba ya nuna komai. Mayar da shi." Na mayar. Ina so a riƙe wannan: da bakinsa ya ce ba ya nuna komai.

Takalmin Baba shi na sa a sahun farko. Ba wani lissafi na yi ba, hannuna ne kawai bai iya rubuta silifan roba a saman aikin mahaifina ba. Don haka duk wanda ya leƙa kwamfutar, zanen Baba ne farkon abin da idonsa zai sauka a kai.

Baba bai yi boko ba, karatunsa na allo ne da littattafai, kuma bai taɓa kula kwamfutar ba. Wata rana bayan la'asar ya shigo ciki shan ruwa, ya tsaya a bayana, ya ce, "Auta, waɗannan tsutsotsin fa?"

Na yi dariya, na ce, "Baba, tafiyar kaya ce. Ga naka nan a sama."

Ya sa tabarau, ya sunkuyo. Ya daɗe yana kallo, sai na ga fuskarsa ta canza. "To, ashe faɗuwa nake."

Na duba, na ga zanen hawa yake yi. Sai na gane daga dama ya faro, yadda ya saba karatu. Na ce, "A'a Baba, wannan daga hagu ake fara shi, irin na boko. Nan bara ne, nan kuma watan jiya."

Ya sake bi da yatsa daga hagu, a hankali, yatsan na hawa har ya kai jan ɗigon da ke can ƙarshe. Ya miƙe ya cire tabarau. "Ikon Allah," ya ce. "Har na'ura ta sani."

Abin da zanen ya nuna gaskiya ne. A farkon shekarar yana sayar da ƙafa shida ko bakwai a wata, a lokacin kuwa ya kai goma sha ɗaya, saboda wasu malamai da suka gano shi suna gaya wa juna. Hawa ne, ba wanda ya ƙirƙira. Abin da ban ce masa ba shi ne tsayin zanen ba ya nufin yawa. Bai tambaya ba, ni kuma ban ga dalilin da zan tsaya ina rage wa tsoho farin cikinsa da bayanin ma'auni ba. Har yau ban ga laifina a nan ba, duk wanda ya ga dama ya ce akwai.

Daga ranar Baba ya samu abin yi. Duk ƙarshen wata, in na shigar da lambobi, zai shigo ya ce, "Buɗe mini tsutsata." Umma, mahaifiyarmu, ta ce ya koma cin tuwonsa duka, ya daina zaman shiru bayan magariba. Ya sayo sabuwar fata da kuɗinsa. Ya fito da wani yankan takalmi da ya ce rabonsa da shi tun yana saurayi. Mutumin da gwiwa ke hana shi tashi da sauri, sai ga shi yana riga mu isa kasuwa.

Ya kuma fara cika baki, wannan ba zan ɓoye ba. Baba mutum ne mai tsokana tun asali. In maƙwabtanmu na layi sun zo gaishe shi sai ya ce su shiga su ga nasa a sama, yana hawa, na kamfani suna gangara. Su yi dariya su ce, "Baba, ai kai ne shagon." Kowa ya san wasa ne, har wanda ke faɗa. Mutum ɗaya ne bai ɗauke shi wasa ba.

Yaya dama yana da abin da ke ransa. Ya daɗe yana son bakin shagon nan, yana so ya kafa akwatin gilashi mai fitila ya jera takalman mata masu tsada, don masu wucewa su gani. Ya taɓa yi mini zancen, na ce ya bari, wurin Baba ne. Ya ce ai don lafiyarsa ne ma, tsoho ya zauna gida ya huta. Na san wannan hutun. Ba ya iya fuskantar Baba ya ce tashi, don duk Mandawari za ta ji, sai ya zauna yana jiran hanya.

Hanyar ta zo ana saura kwanaki azumi. Wasu 'yan sari uku sun zo daga wajen gari, manyan abokan cinikin Yaya, suna zaune a ciki ana haɗa musu kaya. Akwai wani takalmin maza na kamfani da Yaya ya yi odarsa da yawa bai karɓu ba, abin na cin sa. Baba ya shigo da fara'arsa, suka gaisa, ya ce, "Auta, nuna wa baƙi." Sannan ya juya wajen Yaya. Ba ya kiran sunansa, don ɗan fari ne, sai ya ce, "Kai, wancan naka da ka cika mana shago da shi, na ga ya kifa kai ƙasa. Da ka ƙara mini benci ɗaya kafin Sallah, tunda nawa ne ke hawa."

Baƙin suka yi dariya. Dariyar girmamawa ce, irin wadda ake yi wa dattijo in ya yi barkwanci. Amma na ga wuyan Yaya ya kumbura.

Ya ce da ni, "Sa su a ma'auni ɗaya."

Na yi kamar ban ji ba.

"Da kai nake. Sa su a ma'auni ɗaya, Baba ya ga yadda abin yake."

Na ce, "Yaya, caji ya kusa ƙarewa." Ƙarya ce, kuma ya ga wayar a jone.

Ya zagayo, ya ture hannuna, ya ja kwamfutar gabansa. Ni na koya masa wurin, sau ɗaya tak, watanni da suka wuce, ashe bai manta ba. Ya taɓa zane ɗaya, ya buɗe wurin awon, ya zaɓi ma'auni ɗaya na sama, ya zaɓi na ƙasa. Duk zanukan a haɗe suke tun da tare na ja su, don haka gaba ɗaya suka sauya.

Zanen Baba ya kwanta. Ya zama layi miƙaƙƙe a can ƙasan gidan, ko ɗan tudu babu, jan ɗigon na zaune a ƙarshensa. Ƙasa kaɗan da shi, silifan roba na tsaye da tsayinsa.

Yaya ya juya fuskar kwamfutar wajen Baba, ya tausasa murya, wannan tausasawar ce ma ta fi ƙona mini rai. Ya ce, "Baba, ka ga gaskiyar abin. Wancan na da, kowa da kansa ake gwada shi. Wannan kuwa an gwada ka da sauran kaya. Abin da kake sayarwa a shekara, wannan na roban kafin azahar ya fitar da shi. Ba raini ba ne, don dai ka sani ne."

Na ce, "To ka nuna masa sauran mana! Gangara ƙasa ya gani, fiye da rabin shagon nan a kwance suke a wannan awon, har da naka na mata da kake taƙama da su!"

Ya ce, "Rufe mini baki, ina magana da mahaifina."

Baba bai ko dubi inda nake nunawa ba. Ya sa tabarau, ya sunkuyo kamar ranar farko, ya ɗora yatsa a hagu ya bi layin har dama. Yatsan bai hau ko'ina ba. Baƙin nan uku kowa ya samu abin kallo a ƙasa, ɗaya ya ciro waya yana latsawa. Baba ya miƙe ya ce, "To, madalla." Ya yi musu sallama da kyau, har da a gaida gida, ya koma kan buzunsa. Ya ɗauki takalmin da yake ɗinki ya riƙe, amma har aka kira sallah ban ga ya soka basilla ba.

Da baƙin suka tafi na tasar wa Yaya. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce ya san abin da ya yi, shi da kansa ya ce wannan awon ba ya nuna komai. Ya ce shi bai yi ƙarya ba, ko akwai lambar da ya canza? Babu. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan, babu ƙarya ko ɗaya da zan kama shi da ita. Zanen farko gaskiya ne, na biyu ma gaskiya ne, shi dai ya zaɓi wadda za ta kayar da tsoho a gaban baƙi. Ya ce ni ne na bar Baba yana yawo da abin dariya a kasuwa. Na ce dariyar da ake yi da shi ta fi shirun da shi Yaya ya sa shi. Har maƙwabta suka leƙo suna ba mu haƙuri.

Washegari Baba bai fito ba, ya ce gwiwa. Jibi ma haka. Da azumi ya kama sai ya zama akwai dalili, kowa ya ce ai tsoho ne, ga zafi. Na mayar da zanukan yadda suke, na ɗauki kwamfutar na kai masa gida, na same shi a soro yana jan carbi. Na durƙusa na buɗe, na ce, "Baba, duba, ga shi nan yana hawa. Wannan shi ne daidai, don shi aka yi abin. Ana so a ga ko kaya na gaba ko baya ne, ba wai wa ya fi wani ba. Naka gaba yake yi."

Ya kalla, ba tare da ya nemi tabarau ba. Ya ce, "Na gane, auta. Ai bayanin yayanka ya fito. Wannan ni da kaina ne, wancan ni da mutane."

Na ce, "Har na mutanen ma, Baba, yawancinsu a kwance suke."

Ya ce, "Su ai ba su da gwiwar da ke ciwo. Ni na ɗauka taimaka muku nake. Ashe wuri kuka ba ni in zauna." Ya ɗaga hannu ya rufe kwamfutar da kansa, a hankali, ya ce in je kar in makara.

Na fito daga soron ina hawaye, ni da gemuna, a titi, da rana tsaka. Haushi ne ya fi yawa a ciki, ba tausayi ba.

Ba wanda ya kori Baba, wannan Yaya yana yawan faɗa, kuma haka ne. Bayan Sallah da ya ga wurin ya zauna babu kowa, ya je gida ya nemi izini da ladabi, Baba ya ce a yi duk abin da ya dace. Aka kawo akwatin gilashi, aka sa masa fitila fara. Ragowar takalman Baba aka zuba su a leda aka tura ƙarƙashin kanta, malaman nan suka zo suka saye su ɗaya bayan ɗaya, da suka ƙare suka daina zuwa. Wata na farko da ba a sayar da ko ɗaya ba na tsaya a kan gidan watan na rasa me zan rubuta. In na sa sifili, zanen zai faɗo ƙasa. In na bar shi fanko, layin zai tsaya a inda ya kai. Na bar shi fanko, kuma haka nake barin sa. Yaya ya ce in goge sahun gaba ɗaya tunda ba kaya, na ce ya zo ya goge da hannunsa, ai ya iya. Bai goge ba, bai kuma sake tayar da zancen ba.

Mutane suna cewa in yafe, ɗan'uwana ne. Muna gaisawa, muna cin abinci a kwano ɗaya in ta kama, 'ya'yansa suna hawa kafaɗata. Akwatin gilashin kuma yana kawo ciniki, ba zan ce ba ya kawowa ba. Amma duk safiyar da na zo na gan shi a wurin, sai haushin ya dawo mini sabo, kuma ban ga alamar zai wuce ba.

Baba yana nan da ransa. Yana zuwa masallaci, yana dawowa soro. Umma ta ce kayan aikinsa suna cikin buhu a bayan ƙofa, ta hana yara taɓawa, shi kuma bai taɓa tambayar su ba.

Da damina ta bana, wata Juma'a, na biya gida in raka shi masallaci. Na tarar da shi zaune da takalminsa a hannu, nasa na ƙafarsa, wanda ya ɗinka wa kansa shekarun baya. Hancin ya tsinke. Gyaran da ba zai ɗauke shi tsawon shan shayi ba, na sha ganin ya yi wa mutane irinsa kyauta suna tsaye da ƙafa ɗaya. Na ce, "Bari in ɗauko maka buhun, Baba."

Ya ce, "A'a, bar shi." Ya ajiye takalmin gefe. "In ka koma shago ka aiko mini da ƙafa ɗaya."

Na ce, "Wane iri?"

Ya ce, "Ka duba na'urarka. Wanda ya fi fita."

Ban buƙaci dubawa ba. Na je na ciro silifan roba, lamba tara, na sa a leda na kawo masa. Ya zura, ya taka sau biyu, ya ce sun yi daidai, muka kama hanyar masallaci.